Bikon da Ke Maido da Zuciya

A ce maigida ya ɗauki kuɗin adashin matarsa, naira dubu 80, ba da saninta ba. Da ta yi magana, ya ƙaryata ta a gaban ƙannensa. Ta yi yaji. Bayan kwana biyu ya je biko da goro da turmin atamfa, ya durƙusa gaban surukinsa ya ce, "Baba, in ma na ɓata mata rai, a ba ta haƙuri, sharrin Shaiɗan ne." Da wuya iyaye su ƙi mayar masa da ita, don ba sa son auren 'yarsu ya mutu. Amma ƙafarta ce kawai ta koma, domin a duk maganarsa ba a ji kuɗi ba, ba a ji ƙarya ba, laifin ma an ɗora wa Shaiɗan.

A 2016 Roy Lewicki na Jami'ar Jihar Ohio da abokan aikinsa sun gwada sassa 6 na ban haƙuri a kan mutum 755. Wanda ya fi tasiri shi ne mutum ya amsa cewa laifinsa ne, sai alkawarin gyara ɓarnar. Roƙon gafara, wanda mu muka fi yawaitawa, shi ne na ƙarshe. Malamanmu ba za su yi mamaki ba: Imam Nawawi ya kawo a Riyadus Salihin cewa idan laifi ya shafi haƙƙin wani, tuba ba ta cika sai an sauke haƙƙin.

Da maigidan nan zai bi wannan, ita zai fuskanta, ya ce: "Na ɗauki kuɗinki ban tambaye ki ba. Da kika faɗa, na ƙaryata ki alhali ke ce mai gaskiya. Zan riƙa biyan dubu 20 duk ƙarshen wata ta hannun Yaya, har wata 4." Sauran aiki yana gida, kuma shi ya fi ɗaci. A gaban ƙannensa ya zubar mata da mutunci, don haka a gabansu zai wanke ta. Atamfa ba ta biyan wannan bashin.

Akwai iyaka kuma. Binciken ya nuna an fi karɓar haƙuri a kan kuskuren rashin ƙwarewa fiye da na rashin gaskiya. Wanda ya ci amana kada ya sa ran komai zai wuce a zama ɗaya. Idan ya fara cewa "ai na ba ki haƙuri, me kuma kike so?", to sulhun bai kama ba. A ganina nan ne masu shiga tsakani suka fi kuskure: su taru a kan matar da "ki yi haƙuri", alhali mijin ya kamata su tsare da tambayar ranar biyan farko.