Abin da ya kamata ku sani kafin ku ci bashi ku zuba a hannun jari

A ce kana da naira 500,000 da ka shekara biyu kana tarawa. Dillalin hannun jari ya ce zai ranta maka wasu 500,000, hannun jarin da za ka saya shi ne jingina. Ka haɗa miliyan ɗaya, ka sayi hannu 20,000 a kan naira 50 kowanne.

Idan farashi ya hau zuwa 60, ka ci ribar 200,000, ninki biyu na abin da kuɗinka kaɗai zai kawo. Wannan ɓangaren ake yawan nuna wa mutane. To, bari ya sauka zuwa 40. Kayanka sun koma 800,000, amma bashin nan yana nan 500,000, ko kwabo bai ragu ba. Naka ya zama 300,000. Kasuwa ta faɗi da kashi 20 cikin ɗari, kai ka yi asarar kashi 40, ba a ma lissafa kuɗin ruwa ba. Ranar da farashi ya taɓa 25, ba ka da komai. In ya zarce ƙasa, sai a biyo ka cikon bashi.

Sai dai dillali ba zai jira a kai can ba, kuma nan ne abin ya fi ciwo. A takardar da ka sa wa hannu akwai iyaka, misali kada rabonka ya gaza kashi 30 na darajar kayan. Da farashi ya kai 35 ka faɗa ƙasa da ita. Sai waya: ka kawo ciko, ko a sayar. In babu, zai sayar a farashin ranar, ba tare da ya nemi yardarka ba. Wanda ya saya da guminsa yana iya haƙuri shekara uku har kasuwa ta farfaɗo. Mai bashi an ƙwace masa wannan damar.

Mun ga haka a Najeriya. A 2007 bankuna sun yi ta ba mutane rance su sayi hannun jari. Ma'aunin kasuwar Legas ya haura 66,000 a watan Maris na 2008, bayan shekara guda ya dawo kusan 20,000. Bashin da bai biyu ba yana cikin abin da ya durƙusar da bankuna, har Sanusi Lamido Sanusi, gwamnan Babban Banki na lokacin, ya sauke shugabannin bankuna biyar a watan Agusta na 2009.

Yau abin ya dawo cikin wayoyin matasanmu, kuma ya fi muni. Manhajar cinikin kuɗin waje da ke ninka maka jari sau 100, motsin kashi ɗaya kacal ya isa ya share kuɗinka kana barci.

Don Allah, kafin ka sa hannu ko ka danna, ɗauki biro ka lissafa farashin da za a sayar da kayanka dole, ka rubuta shi a gabanka.