Jinkirin Saƙo da Hukuncin Harbi a Wasannin Bindiga na Intanet

1.0 Gabatarwa

Masu wasannin bindiga ta intanet suna da wani ƙorafi da ba ya ƙarewa. Mutum zai saita abokin karawarsa a ka, ya danna linzamin kwamfuta, ya ji ƙarar bindiga, ya ga walƙiyar wuta a bakinta, amma abokin karawar ya wuce lafiya lau kamar ba a harbe shi ba. Wannan takarda za ta yi bayanin abin da ke jawo haka. Za a ɗauki misali da wasan Counter-Strike: Global Offensive na kamfanin Valve, wanda ya fito a shekarar 2012, aka maye gurbinsa da Counter-Strike 2 a watan Satumban 2023. An zaɓe shi ne saboda kamfanin ya bayyana yadda injin wasan, wato Source, yake aiki. Ma'aunin lokacin da za a yi amfani da shi shi ne milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan.

2.0 Wane ne alƙalin harbi?

Kwamfutar ɗan wasa ba ita ke yanke hukuncin harbi ba. Akwai wata babbar kwamfuta a nesa, wadda ƴan wasa ke kira saba, ita ce ke riƙe da ainihin halin da wasa yake ciki: inda kowa yake tsaye, da sauran lafiyarsa, da yawan harsashinsa. Abin da kwamfutar ɗan wasa ke aika mata umurni ne kawai, kamar “na matsa hagu” ko “na yi harbi ta wannan fuska”. Dalilin wannan tsari shi ne hana maguɗi, domin da a ce kowace kwamfuta za ta iya cewa “na kashe wane” a yarda, to da mai wayo ya gyara tasa ta riƙa faɗin haka kullum.

Saba tana aiki ne daki-daki. A wasannin da Valve ke haɗawa da kansa, takan lissafa halin wasa sau 64 a sakan ɗaya. Kowane lissafi za mu kira shi bugu, kamar bugun zuciya, kuma tsakanin bugu da bugu akwai kimanin milisakan 15.6. Bayan kowane bugu sai ta aika wa ƴan wasa ƙunshin saƙo mai faɗin inda kowa yake.

Saƙon nan kuwa yana cin lokaci a hanya. Haske yana tafiyar kimanin kilomita 200 a milisakan ɗaya cikin wayar gilashin da ke ɗauke da intanet. Tsakanin Yamai da Frankfurt ta ƙasar Jamus, inda Valve ke da saba, nisan ya ɗan haura kilomita 4,000 in an miƙe sak. Ke nan zuwa da dawowa ba za su gaza milisakan 40 ba, ko da wayar a miƙe take. Alhali ba a miƙe take ba: sai ta gangara bakin teku, ta bi ƙarƙashin ruwa, ta ratsa na'urori da dama. Wannan lokaci na zuwa da dawowa shi ne lambar da ake gani a allo da sunan `ping`.

3.0 Abin da ido ke gani ya riga ya wuce

Bari mu ɗauki ƴan wasa biyu, Maharbi da Mai Gudu. A ɗauka `ping` ɗin Maharbi 100 ne, wato 50 zuwa, 50 dawowa. Mai Gudu zai gitta ta gaban wata ƙofa, riƙe da wuƙa, yana gudu mafi sauri da wasan ya yarda da shi, wato awo 250 a sakan bisa ma'aunin nisa na cikin wasan. Faɗin gurbin da jikin ɗan wasa ke ci kuwa awo 32 ne.

A lokacin da saba ta ga Mai Gudu a tsakiyar ƙofa, sai ta aika da labari. Labarin ya isa wurin Maharbi bayan milisakan 50. To amma kwamfutarsa ba za ta nuna shi nan take ba. Takan jinkirta da gangan na tsawon bugu biyu, kimanin milisakan 31, domin ta sami ƙunshi biyu a hannu ta zana motsin da ke tsakaninsu sumul. Ba don haka ba, da mutane sun riƙa tsalle-tsalle a allo duk sa'ad da wani ƙunshi ya makara. Saboda haka Maharbi yana ganin Mai Gudu a tsakiyar ƙofa ne bayan milisakan 81 da faruwar abin. Nan take ya yi harbi, umurninsa ya sake cin milisakan 50 kafin ya isa saba. Jimla ke nan:

```
50 + 31 + 50 = 131
250 × 0.131 ≈ 33
```

Wato sa'ad da umurnin harbi ya iso, Mai Gudu ya yi gaba da awo 33, ya bar wurin da faɗin jiki guda. Da saba za ta yi hukunci da halin da ake ciki a lokacin, to harbin da aka saita daidai sai ya faɗa bayansa. Haka abin yake a wasannin farko irin su Quake na 1996: mai jinkiri dole ya riƙa harbin gaban mai gudu, kamar yadda maharbin tsuntsu ke yi.

4.0 Mayar da agogo baya

Maganin da Valve ya ɗauka, wanda ma'aikacinsa Yahn Bernier ya yi bayani a wata takarda a shekarar 2001, shi ne saba ta riƙa adana tarihin inda kowa ya tsaya a ɗan lokacin da ya wuce. Kowane umurni yana zuwa da hatimin bugun da kwamfutar ɗan wasa take kai. Da umurnin Maharbi ya iso, sai saba ta lissafa lokacin da yake kallo sa'ad da ya danna linzami, ta koma baya da milisakan 131, kimanin bugu takwas ke nan. Sai ta ɗauki akwatunan jikin Mai Gudu, wato siffofin ɓoye da aka lulluɓe kai da ƙirji da gaɓoɓi da su, ta mayar da su tsakiyar ƙofa. Daga nan ta ja miƙaƙƙen layi daga idon Maharbi, domin a wannan wasa harsashi ba ya cin lokaci a iska. In layin ya ratsa akwatin kai, an same shi a ka. Tana gamawa sai ta mayar da kowa inda yake.

Wannan dabara tana da nata farashi, kuma Mai Gudu ne ke biya. A allonsa ya riga ya shige bayan bango, sai kawai ya ga ya faɗi. Ba harsashi ne ya ratsa bango ba. An yi masa hukunci ne da abin da Maharbi ya gani. Duk da haka, abin lura shi ne jinkiri mai daidaito, wanda ba ya hawa da sauka, ba ya sa a kuskure harbi. Kuskure yana zuwa ne idan hoton da saba ta sake ginawa ya saɓa da wanda ke allon Maharbi.

5.0 Inda saɓanin ke shigowa

Hanya ta farko ita ce iyakar komawa baya. Saba ba ta komawa yadda aka ga dama, domin kada mai mugun layi ya riƙa kashe mutanen da suka daɗe da ɓuya. A injin Source iyakar tana ƙarƙashin `sv_maxunlag`, asalinta sakan ɗaya, kuma ana iya rage ta. A ɗauka an rage ta zuwa milisakan 200, `ping` ɗin Maharbi kuma ya yi tsalle zuwa 250. Abin da ake bukata 281 ne, saba ta tsaya a 200. Ragowar 81 ɗin nan daidai yake da awo 20 na gudu, wanda ya isa a kuskure kai sarai. Haka kuma idan hatimin umurni ya saɓa da ƙiyasin saba da fiye da milisakan 200, takan yi watsi da hatimin ta yi aiki da ƙiyasinta.

Hanya ta biyu ita ce ɓacewar ƙunshi. Jinkirin bugu biyu yana iya rufe ɓacewar ƙunshi ɗaya. Amma idan uku ko huɗu suka ɓace a jere, kamar yadda kan faru a layin da ya cunkushe, kwamfutar Maharbi ba ta da abin zanawa sai hasashe: takan ci gaba da tura Mai Gudu ta fuskar da yake bi. In kuwa ya tsaya cak ko ya juya a wannan lokaci, to Maharbi ya harbi wurin da mutumin bai taɓa takawa ba, kuma babu wannan wuri a tarihin saba.

Hanya ta uku ita ce mutuwa kafin isowar umurni. Ƙarar bindiga da walƙiyarta kwamfutar Maharbi ce ke yin su nan take, ba tare da jiran izini ba, don kada wasa ya yi nauyi a hannu. Idan a cikin milisakan 50 da umurninsa ke hanya harbin wani ya riga ya isa saba ya kashe shi, to nasa umurnin ya iso daga mamaci, ba a ƙirga shi. Shi kuwa zai rantse ya ji bindigarsa ta tashi, kuma gaskiyarsa ce.

Hanya ta huɗu ba ta da alaƙa da layi ko kaɗan, amma ita aka fi ɗora wa layi laifinta. Bindigogin wasan suna watsa harsashi kaɗan daga inda aka saita, musamman in mutum yana tafiya ko tsalle. Domin hana maguɗi, an mayar da zaɓen wannan karkata hannun saba. Saboda haka ramin harsashin da Maharbi ke gani a bango zanen kwamfutarsa ne, mai yiwuwa ba nan saba ta kai harsashin ba.

6.0 Yadda ake gane wanne ne

A Global Offensive ana buɗe akwatin umurni a rubuta waɗannan, na biyun a sabar gwaji:

```
net_graph 1
sv_showimpacts 1
```

Na farko yana nuna `ping` da `loss`, wato kason ƙunshin da ya ɓace. Na biyu yana sa alamar ja inda kwamfutar ɗan wasa ta ce harsashi ya faɗa, da shuɗiya inda saba ta ce ya faɗa. Idan `ping` yana tsalle ko `loss` ya bar sifiri, mutane kuma suna zamewa a allo, matsalar ta layi ce. Idan lambobin suna zaune lafiya amma ja da shuɗi suna rabuwa sa'ad da ake harbi a guje, to watsuwar harsashi ce, maganinta kuwa tsayawa kafin harbi. A Counter-Strike 2 an cire `net_graph`, ana samun irin waɗannan lambobi a cikin saitin wasa.

7.0 Kammalawa

Counter-Strike 2 ya ƙara wani gyara: umurni yana ɗauke da ainihin lokacin da aka danna linzami a tsakanin bugu biyu, ba lambar bugu kawai ba. Wannan ya rage kuskuren da bai wuce milisakan 15.6 ba, amma bai taɓa nisan hanya ba, bai kuma dawo da ƙunshin da ya ɓace ba. Saboda haka ga mai wasa daga nesa, layin da ke zaune a 120 ba ya motsi ya fi wanda ke lilo tsakanin 60 da 300, domin na farkon saba tana iya lissafa shi ta rama, na biyun kuwa yakan fitar da harbi daga abin da take iya sake ginawa.