Me Ya Sa Manhajar Da Ta Iya Rubutu Ba Ta Iya Zana Hoto?

Lokacin da kamfanin OpenAI ya fitar da ChatGPT a ƙarshen watan Nuwamban 2022, manhajar tana rubuta wasiƙa, tana fassara, tana warware lissafi, amma ko hoton kaza ba ta iya fitarwa. Ga shi kuma kamfanin yana da wata manhajar daban mai suna DALL·E, wadda tun Janairun 2021 take zana hoto daga rubutu. Sai a watan Oktoban 2023 aka haɗa su, masu biyan kuɗi suka fara karɓar hotuna a cikin hirarsu. Jama'a da dama sun ɗauka ChatGPT ce ta koyi zane. A gaskiya abokiyar aiki aka ɗauko mata.

Dalilin yana cikin yadda irin wannan manhaja take fitar da amsa. Tana da wani jeri na gutsattsarin rubutu da aka ƙayyade mata tun kafin a fara horar da ita: wasu cikakkun kalmomi ne, wasu rabin kalma, wasu lambobi ko alamar tambaya. Jerin GPT-2 ta 2019 yana da gutsure 50,257, na Llama 2 ta kamfanin Meta kuwa 32,000. Duk aikinta shi ne ta dubi abin da aka riga aka rubuta, ta auna wane gutsure ya fi dacewa ya biyo baya, ta ajiye shi, ta sake aunawa. Haka take yi ɗaya bayan ɗaya har amsa ta cika. Kamar tafireta ce: komai ƙwarewar mai bugawa, abin da ke kan maɓallan ne kaɗai zai fito a takarda, kuma babu maɓallin da ke zuba launi.

Hoto kuwa a wajen kwamfuta tarin ɗigo ne. Ƙaramin hoto mai ɗigo 512 a tsaye da 512 a kwance yana da ɗigo 262,144, kuma kowane ɗigo yana ɗauke da lambobi uku da ke nuna yawan ja, kore da shuɗi, daga 0 zuwa 255. Jimilla lambobi 786,432 ke nan.

Mai kaifin tunani zai ce ai lambobi ma rubutu ne, me zai hana ta jero su? Tambayar tana da ma'ana. A ce kowace lamba gutsure ɗaya ce, kuma manhajar tana fitar da gutsure 50 a daƙiƙa, sai ta haura awa huɗu kafin ta gama wannan ɗan hoton. Amma jinkirin ba shi ne babbar matsalar ba. An horar da ita ne da littattafai, maƙaloli da shafukan intanet, inda ta koyi cewa doki yana da ƙafa huɗu da geza da wutsiya. Ba a taɓa koya mata wace lamba ce za ta zauna a ɗigo na 300 na layi na 120 don kunnen dokin ya fito daidai ba. Idan aka tilasta mata, za ta jero lambobi masu kama da na gaske, a buɗe su a ga dabbare-dabbare.

Injin zane yana bin wata hanya daban. Stable Diffusion, wanda aka saki a watan Agustan 2022, an horar da shi da ɗimbin hotuna, kowanne da ɗan bayaninsa. A wajen horon akan ɗauki hoto mai kyau a riƙa ɓata shi da hargitsattsun ɗigo, injin kuma ya koyi cire su. Idan aka zo zane, sai ya fara da hargitsi zalla, ya riƙa gyara dukkan filin hoton a lokaci guda, sau ashirin zuwa hamsin, yana bin bayanin da aka ba shi, har siffa ta bayyana.

To, yaya ake haɗa su? A ce wani mai shago ya rubuta da Hausa cewa yana son hoton mahayi da rawani a kan farin doki a hawan sallah. Masu ginin manhajar sun riga sun sanar da ita, a rubuce, cewa akwai injin zane da kuma yadda ake kiransa. Sai ta rubuta saƙo na musamman mai ɗauke da sunan injin da cikakken bayanin hoton, galibi da Turanci, ta ƙara abubuwan da mutumin bai faɗa ba, kamar hasken rana da taron 'yan kallo. Wani tsari da ke tsakani ya tsinci saƙon ya miƙa wa injin, injin ya zana, tsarin ya liƙa hoton a cikin hirar. Daga farko har ƙarshe rubutu kawai manhajar ta fitar.

A wannan miƙa saƙon ake yawan samun tangarɗa. Idan bayanin da ta tura bai fayyace irin naɗin rawanin ba, injin zai zana wanda ya fi gani a hotunan horonsa, mai shago ya ga mahayi da rawanin Indiya. Kuma idan manhajar ba ta da hanyar ganin hoto, ba ta san abin da ya fito ba. Za ta iya tabbatar wa mutum cewa an yi yadda ya ce, alhali dokin baƙi ne. Shi ya sa a irin wannan haɗin, in aka ce a gyara abu ɗaya kawai, sau da yawa sabon hoto ne gaba ɗaya yake dawowa, da wata fuska da wani doki: sabon bayani aka rubuta, aka sake zane daga hargitsi.

Inda babu injin kwata-kwata, abin ya fi ban dariya. Wani lokaci manhajar takan rubuta cewa ga hoton nan, ta kawo adireshin intanet da ta ƙirƙira, a latsa a tarar babu komai. Ta ga dubban hirarraki inda irin wannan amsa ke bin irin wannan buƙata, sai ta kwaikwaya. Wannan ita ce alama mafi sauƙi ta gane cewa ba a haɗa ta da komai ba.

Akwai wata 'yar ƙofa da take iya bi, wato ta rubuta umarnin zane. Ga misali da tsarin SVG:

```
<svg xmlns="http://www.w3.org/2000/svg" width="90" height="60">
  <circle cx="45" cy="30" r="18" fill="red"/>
</svg>
```

Duk wanda ya adana wannan ya buɗe shi da manhajar shiga intanet zai ga jan da'ira. A watan Maris na 2023 masu bincike na Microsoft sun sa wani nau'in GPT-4 na farko, mai rubutu zalla, ya zana doki mai ƙaho ɗaya da umarnin TikZ, kuma siffar ta fito ana gane ta. Abin burgewa ne, domin ya nuna cewa daga karatu kaɗai ta tsinci wani abu game da inda ƙafa take da inda kai yake. Sai dai a nan ma wata manhajar ce ta mayar da umarnin zane, kuma da'irori da layuka ba za su ba da fuskar mutum kamar ta kyamara ba.

Karanta hoto ma daban yake da fitar da shi. Akwai manhajojin da za a nuna musu hoton takardar asibiti su karanta, amma ba sa zane, saboda an buɗe musu ƙofar shigar hoto ne kawai, ta fita kuwa har yanzu rubutu ce. Waɗanda ke zane da kansu, kamar yadda OpenAI ya sanar game da GPT-4o a watan Maris na 2025, an horar da su ne da hoto da rubutu tare tun asali, don haka sun fita daga sahun masu rubutu zalla.