Takardar ƙarin girma ta fito: ya ake yi wa abokin aiki barka?

A aikin gwamnatin tarayyar Najeriya, ma'aikacin da ke mataki na 7 zuwa na 14 sai ya shekara uku a kan matakinsa kafin a duba batun ɗaga shi, wanda ke mataki na 15 zuwa sama kuwa shekara huɗu ce. Bayan nan akwai jarrabawa, sannan a jira samun gurbi. Duk mai shirin yin barka ya kamata ya tuna da wannan doguwar jira.

Abu na farko, a bari takarda ta shiga hannun mai ita. Sunaye kan zaga ofis tun kafin sanarwa, kuma wani lokaci sunan da aka ji a raɗe-raɗi ba ya cikin jerin ƙarshe.

A ɗauki misalin wata jami'a da ta tashi daga mataki na 14 zuwa na 15, wato ta zama mataimakiyar darakta. Sa'anta da suka daɗe a ofis ɗaya zai iya shiga wurinta ya ce: "Hajiya, barka da arziki. Mun ga dararen da kika raba a kan kasafin kuɗin bara, wannan girma ya dace da ke. Allah ya taya ki riƙo." Ambaton wannan aiki guda shi ya raba gaisuwarsa da ta sauran, domin ya nuna ya san da guminta ta samu. Ƙaramin ma'aikaci kuwa ba hurumin sa ba ne ya auna ƙoƙarin shugabarsa. Ya rusuna ya ce "Ranki ya daɗe, Allah ya sanya alheri, ya ƙara ɗaukaka" ya wadatar.

Wurin da aka fi tuntuɓe shi ne zauren WhatsApp na ofis. A cikinsa akwai waɗanda suka zauna jarrabawar tare da ita, wasu ma sun ci amma gurbi ya yi kaɗan. Saƙo mai layi biyu ya isa a nan, doguwar yabo a bar ta sai an haɗu ido da ido. Kalamai irin su "da ma ke kaɗai kika cancanta" suka ne ga na gefe.

Haka nan zolayar "yaushe za a yi mana walima?" tana son lura. Sabon albashi ba ya biyo takarda nan take, sau da yawa akan yi watanni kafin ya fara shiga, bashin ariyas kuma ya fi haka jinkiri. Wanda ya haɗa barka da roƙon a sauya masa wurin aiki kuwa, ranar zai ji "to, za a duba", gobe kuma ya tarar Hajiya ta fara yi masa magana ta hannun sakatare.