Kowace Takarda Tana da Ranaku Uku

Idan aka kori ma'aikaci ya ɗaukaka ƙara, abin da ke isa gaban kwamitin sake duba hukunci shi ne fayil. Wani fayil ɗin yakan kai shafi ɗari uku, bangonsa ya yage, an ɗaure shi da igiya, ga hannuwan mutane goma a cikinsa. 'Yan kwamitin kuwa manyan jami'ai ne masu nasu ayyukan, da wuya a samu wanda zai karanta shi daga farko har ƙarshe. Saboda haka nauyin yakan faɗa kan sakataren kwamiti, wanda zai zauna ya fitar da jerin kwanaki: me ya faru, yaushe, wa ya gani, wace takarda ce ta nuna. Wannan jeri na shafi uku ko huɗu shi ne abin da yawancin 'yan kwamiti za su riƙe a hannu ranar zama, don haka kuskuren da ke cikinsa kan zama kuskuren hukunci.

Matsalar farko ita ce fayil ba ya bin tsarin aukuwar abubuwa. Ma'aikatan rajista suna sa takarda ne ranar da ta iso hannunsu, ko da maganar da ke cikinta ta wata uku da suka wuce ce. Rahoton odita na iya zama a shafi na 4, takardar karɓar kayan da rahoton ke magana a kansu tana can a shafi na 90. Wanda ya karanta fayil kamar littafin labari zai fara ne da tuhuma, kuma duk abin da ya biyo baya da idon tuhuma zai kalle shi.

Bari mu ɗauki misali, wanda na tsara daga irin abubuwan da ake yawan gani a irin waɗannan fayiloli. Wani mai kula da sito ne a wata ma'aikatar gona. An kawo masa takin zamani buhu 600 a watan Yunin 2023. Baucocin fitar da kaya sun nuna an fitar da buhu 400, ya kamata ke nan a tarar da 200. Da odita ya ƙirga ranar Litinin 10 ga Yuli, buhu 80 ya samu. Buhu 120 sun yi ƙafa. Aka ba mai sito takardar tuhuma, wadda ma'aikata ke kira kwiri, kwamitin ladabtarwa ya zauna a watan Oktoba, aka kore shi. Dalilai biyu kwamitin ya bayar: shi ne mai riƙe da makulli, kuma bai amsa kwiri cikin wa'adi ba.

Kafin sakatare ya rubuta ko layi ɗaya, sai ya tabbatar kowane shafi yana da lamba. Idan lambobin sun yi tsalle daga 41 zuwa 45, ya rubuta hakan a gefe, ya tambayi rajista a rubuce. Ba ya kwance fayil ɗin ainihi don ya sake jera shi, domin yadda takardu suka shigo shi ma shaida ne. Hoton fayil ɗin yake ɗauka, a kansa yake aiki. Sannan ya zana tebur mai gidaje shida: ranar da abin ya faru, abin da ya faru, wanda ya faɗa, ranar da aka rubuta takardar, ranar da ta iso ofis, da lambar shafi. Ƙa'idar da ba a ketawa ita ce kowane layi ya ɗauki abu ɗaya tak, kuma ya nuna shafin da aka samo shi. Abin da sakatare ya ji a bakin mutane a farfajiyar ofis ba shi da gida a teburin.

Gidajen kwanakin nan uku su ne zuciyar aikin. Kowace takarda tana da ranar da abin da take ba da labari ya faru, da ranar da aka rubuta ta, da ranar da ta shiga hannun wanda aka aika wa. Mai gaggawa yakan kwafi ranar da ke saman takarda ya wuce, kuma a nan ne ake yin ɓatan kai.

Duba kwirin mai sitonmu. A samansa an rubuta Laraba 12 ga Yuli, an ba shi awa 72 ya amsa. Amsarsa ta shiga rajista ranar 19 ga Yuli. Wanda ya haɗa waɗannan ranaku biyu zai ce mako guda ya ɗauka, kuma haka kwamitin farko ya ce. Amma can a shafi na 112 akwai hoton littafin masinja, inda mai sito ya sa hannun karɓar kwirin ranar Litinin 17 ga Yuli. Takardar ta kwana biyar tsakanin teburin darakta da jakar masinja. Daga 17 zuwa 19 kwana biyu ne, ya amsa cikin wa'adi ke nan. Ɗaya daga cikin dalilan korar biyu ya rushe, kuma babu wanda ya yi ƙarya. An dai karanta ranar rubutawa a matsayin ranar karɓa.

Wuƙar nan kuwa baki biyu gare ta. Mai sito ya kare kansa da cewa yana hutu daga 19 zuwa 30 ga Yuni, kuma ya miƙa wa mataimakinsa makulli tare da takardar miƙa aiki mai ɗauke da 16 ga Yuni, wadda ta ce ya bar buhu 320 a sito. Bauca ɗaya ce aka fitar a lokacin hutun, ta buhu 120, ranar 22 ga Yuni. Idan takardar miƙa aikin gaskiya ce, kayan a hannun mataimaki suka ɓace ko bayan dawowar mai sito, domin lissafi ya cika cif ranar da ya tafi. Sai dai hatimin rajista da ke kan takardar na 14 ga Yuli ne, kwana huɗu bayan ƙirgar odita, kuma sa hannun mai sito ne kawai a kanta, gurbin mataimaki babu komai. Mai yiwuwa ta yi wata guda a durowa. Mai yiwuwa kuma an rubuta ta ne bayan da magana ta tashi, aka mayar da kwanan wata baya. Sakatare ba ya zaɓar ɗaya. Yana rubuta ranakun biyu gefe da gefe, ya ƙara cewa hannu ɗaya ne a kai, ya bar wa kwamiti ya tambayi mutanen biyu.

Shaidu suna da tasu wahalar, domin mutanenmu ba kasafai suke ƙirga lokaci da kalanda ba. Maigadin sito ya ce wata mota ta zo da daddare ta yi lodi, wajen mako guda kafin Babbar Salla. A 2023 an yi Babbar Salla ranar Laraba 28 ga Yuni, maganar maigadi ta faɗa wajen 21 ga Yuni ke nan, tsakiyar hutun mai sito. Amma kuskure ne a rubuta 21 ga Yuni kai tsaye kamar maigadi ne ya furta ta. Sakatare zai kwafi kalmomin maigadi yadda suke, ya sa tazara, misali 19 zuwa 23 ga Yuni, ya nuna cewa kintace ne da kuma yadda ya kai ga kintacen. Ya kuma rubuta cewa a watan Oktoba maigadi ya yi wannan bayani, bayan fiye da wata uku. Haka nan sai an bambance wanda ya gani da wanda ya ji. Idan direba da akawu duka sun ambaci motar dare, amma kowannensu daga bakin maigadi ya ji, shaida ɗaya ce aka maimaita sau uku.

Giɓi ma yana da layinsa. Littafin ƙofa, inda maigadi ke rubuta lambar kowace mota, yana cikin fayil, amma shafukan 19 zuwa 23 ga Yuni ba su nan. Jeri mai kyau zai ce: babu takarda a wannan tazara, an nema ranar kaza, ga amsar da aka samu. Ranakun da ba a aiki su ma abin lura ne. Bauca mai ɗauke da 12 ga Yuni, Ranar Dimokuraɗiyya, ko wata Asabar, ba lallai ne ta zama ta bogi ba, amma ta cancanci tambaya. Shi ya sa ake rubuta sunan rana kusa da kowane kwanan wata, a kuma rubuta sunan wata da haruffa, don kada 6/7 ta rikiɗe daga 6 ga Yuli ta koma 7 ga Yuni.

Yana da kyau a raba jerin gida biyu, na abin da ya faru a sito da na matakan da hukuma ta ɗauka. Jeri na biyu shi ne wanda kotu ta fi dubawa. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ba kowa haƙƙin a saurare shi bisa adalci. A shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri, Kotun Ƙoli ta soke korar ɗaliban da aka yi bayan tarzomar 1983, a hukuncinta na 1986, kuma cikin dalilan har da cewa shugaban kwamitin binciken yana cikin waɗanda ɓarnar ta shafa. Dokokin aikin gwamnatin tarayya, bugun 2008, sun ce a ba wanda ke fuskantar kora damar ganin takardun da za a yi amfani da su a kansa, kuma a kammala ladabtarwa cikin kwana 60, in ban da inda aka shiga batun aikata laifi. Don haka jeri na biyu zai nuna ranar da aka gayyaci mai sito zaman kwamiti, ranar da gayyatar ta same shi, ko an nuna masa rahoton odita, da sunayen waɗanda suka zauna. Idan sunan mataimakin nan ko na daraktan da ya sa hannu a baucar 22 ga Yuni ya bayyana cikin masu zaman, jerin zai tona hakan ba tare da sakatare ya ce uffan ba.

Abu na ƙarshe shi ne harshe. Sakatare ba ya rubuta cewa mai sito ya karkatar da taki, ko ya ƙi amsa kwiri. Yana rubuta cewa odita ya ƙirga buhu 80, shafi na 4, ko an karɓi amsa ranar 19 ga Yuli, shafi na 23. Da ya gama, sai ya ba wani abokin aiki da bai taɓa ganin fayil ɗin ba, ya zaɓi layi goma ya bi kowanne zuwa shafinsa. Idan ko ɗaya ya kasa kai shi ga takarda, a sake bin jerin gaba ɗaya.

Jerin bai faɗi wanda ya kwashe buhu 120 ba, kuma ba aikinsa ba ne. Abin da ya yi shi ne ya sa kwamiti ya shiga zama da tambayoyi uku a hannu: yaushe aka rubuta takardar miƙa aiki, ina shafukan littafin ƙofa suka shiga, kuma makulli a aljihun wa ya kwana daren da maigadi ya ji ƙarar mota.