Ta'aziyyar Kamfani Idan Ma'aikaci Ya Rasa Mahaifi

A Kano, idan mahaifin ma'aikaci ya rasu da asuba, sau da yawa kafin azahar an kai shi makwancinsa. Shi ya sa sanarwar kamfani ta farko ba ta jiran sa hannun manaja. Da zarar ma'aikacin ya amince a sanar, sai a tura wa abokan aiki lokacin jana'iza da unguwar da za a yi ta, don masu iko su samu salla.

Takardar ta'aziyya tana biyo baya, cikin kwana ukun zaman makoki. Ta buɗe da Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, ta ambaci mamacin da laƙabinsa, Malam ko Alhaji, ta roƙa masa gafara, iyalansa kuma haƙuri.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne kwafo tsohuwar takarda. Sai ka ga an rubuta "mahaifiyarsa" alhali uba ne ya rasu, ko an yi wa Kirista addu'ar Musulmi. Wasu har su manna katon tambarin kamfani kamar talla, abin da ke sosa ran masu makoki. Ciwon da ya yi ajalinsa kuwa sirrin iyali ne, kada a rubuta.