Taswirar fasin: yadda za ka gano ɗan wasan da ke haɗa baya da gaba da wayarka

A filayen unguwa na Kumbotso, idan aka tashi daga wasa wanda ya ci ƙwallo ake yabo. Wanda ya ɗauko ta daga baya ya miƙa gaba ba kasafai ake tunawa da shi ba. Taswirar fasin ce ke fito da shi.

Zane ne mai sauƙi: kowane ɗan wasa ɗigo ne, fasin da ke tsakanin mutum biyu kuma layi ne, yana ƙara kauri idan fasin ya yi yawa. Ka hau wuri mai tudu ka ɗauki bidiyon wasan, sannan ka buɗe Google Sheets. A layin A ka sa lambar wanda ya bayar, a layin B lambar wanda ya karɓa, fasin da ya isa kawai. Wannan zai ƙirga maka sau nawa mai lamba 4 ya ba mai lamba 6:

```
=COUNTIFS(A:A,4,B:B,6)
```

A nan ake yawan yin kuskure. Layi mafi kauri sau da yawa tsakanin 'yan baya biyu yake, saboda ba wanda ke matsa musu. A ce lamba 4 da lamba 5 sun yi musayar fasin 30, lamba 6 kuma duka fasin 22 ya bayar. Kar yawan ya ruɗe ka. Ƙirga hare-haren da suka taso daga baya suka isa wurin 'yan gaba. Idan 18 ne, kuma 12 ta ƙafar lamba 6 suka bi, to shi ne gadar. Ka rufe ɗigonsa da yatsa ka duba: idan zanen ya kusa rabewa gida biyu, ka samu mutuminka.

Sai dai wannan ba lallai abin murna ba ne ga koci. Javier López Peña da Hugo Touchette sun yi irin wannan nazari kan Gasar Kofin Duniya ta 2010, suka ga cewa a tawagar Sifaniya, wadda ta ɗauki kofin, aikin gada ya rarrabu tsakanin 'yan wasa da dama, duk da ficen Xavi. Ƙungiyar da ke da gada ɗaya tal, ana sa wa mutumin mai gadi sai wasanta ya tsaya.

Ka tsayar da ƙirga a canjin farko, in ba haka ba za ka haɗa wanda ya buga minti 90 da wanda ya buga 20. Kuma zanen ba ya ganin wanda ya ja mai tsaro ya buɗe hanya ba tare da ya taɓa ƙwallo ba. Wannan sai ka koma bidiyo. Wasa ɗaya ma bai isa hukunci ba, musamman idan kun ci da wuri kuka koma tsare gida. Ka tara uku ko huɗu kafin ka kai wa koci.